Mai raunin ji a wurin aiki: ka nemi gyara, ka daina neman a yi maka haƙuri

Ƴan uwa matasa, mu ɗauki misalin wani saurayi ɗan Allakaye, cikin gundumar Buza. Sanƙarau ya kama shi yana yaro, ya bar shi da kunnen dama kaɗai, shi ma ba cikakke ba. Ya yi karatu, ya samu aikin rajistar manoma a wata ƙungiyar raya karkara. Ran Litinin ana taro, janareta na ruri, shugaba ya ce a yi ƙauyuka sha shida. Shi ya ji shida. Ran Juma'a aka ce ba ya mai da hankali.

Ra'ayina shi ne, kuskurensa ɗaya ne: ya ɓoye. In ma ya yi magana, iyakarta "a yi haƙuri, ba na ji sosai". Me shugaba zai yi da wannan? Zai ɗaga murya kwana biyu, ya manta. Ihu kuwa ba magani ba ne. Galibin masu raunin ji suna jin ƙarar magana, siraran sautuka irin su s, sh, f da t ne ke ɓace musu. Shi ya sa lambobi da sunaye ke fara rikicewa. Abin da ke aiki shi ne ka nemi abubuwa ƙididdigaggu, guda uku.

Na farko, wurin zama. Idan nisan da ke tsakaninka da mai magana ya ninka, ƙarfin muryarsa na raguwa sosai, ƙarar fanka kuma tana nan yadda take. Don haka saurayinmu zai nemi kujerar da ba ta wuce mita ɗaya ko biyu daga shugaba ba, kunnen dama na wajen jama'a, nesa da tagar da ke kallon janareta. Hasken ya sauka kan fuskar mai magana, domin in ya ba taga baya, leɓunansa ba sa ganuwa.

Na biyu, umarni a rubuce. Mun saba da tura saƙon murya a WhatsApp, har ya zama kamar shi ne takardar biro. Ga mai raunin ji wannan tarko ne. Ba ya cewa a rubuta komai. Abu huɗu ne: rana, wuri, adadi, kuɗi. "Laraba, Keita, manoma 40, jika 15." Layi ɗaya, gardama ta ƙare, kuma kowa ya amfana.

Na uku, taro. A ba shi jerin batutuwan kafin a zauna. A yi magana ɗaya bayan ɗaya, mai magana ya sauke rawani ko takunkumi daga bakinsa. Abokin aiki guda ya zauna kusa da shi yana rubuta abin da aka yanke. A ƙarshe shi da kansa ya maimaita aikinsa: "Ƙauyuka 16, kafin Juma'a, haka ne?"

Yaya zai nema? Ba a tsakiyar taro ba. Ya samu shugaba shi kaɗai: "Ranka ya daɗe, kunnena na hagu ba ya ji. Abu uku nake roƙo, ba wanda zai ci ko dala. Mu gwada wata ɗaya." Sannan ya miƙa takarda mai kwanan wata, ya riƙe kwafi. In yana da takardar likita, ya haɗa.

Na san abin da za ku ce: aikin kwantiragi ne, in ya faɗa ba za a sabunta ba. Tsoron nan gaskiya ne. Amma ɓoyewa ma ba ta tsare shi, illa iyaka a sallame shi da sunan sakaci. Doka kuma tana gefensa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda ta ɗauki ƙin yin gyaran da bai fi ƙarfin ma'aikata ba a matsayin wariya. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana wariya saboda naƙasa, ta kuma tanadi kashi 5 cikin ɗari na guraben ɗaukar aiki ga naƙasassu. In an ƙi, akwai wakilan ma'aikata, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Tawa, kuma kwafin nan shi ne shaidarsa.

Gyaran nan yana da iyaka. Wanda ba ya ji sam, yana magana da hannu, tafinta yake buƙata, kujerar gaba ba ta isa ba. Na'urar ji ma tana ƙara ƙarar janareta tare da muryar mutane, saboda haka ba ta ɗauke wa ma'aikata nauyi ba. Kunnen da ke zubar da ruwa ko wanda ya toshe farat ɗaya kuwa, asibiti za a fara zuwa.

Shugabannin ma'aikatu daga Madawa zuwa Keita, in takardar nan ta zo teburinku, ku sa hannu a gwada wata guda. Bayan watan ku ƙirga kurakuran, sai a yi magana.