Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Man Shafawa Da Sabulu

'Yan uwana,

Kwanan baya wata ƙanwata mai haɗa man kaɗe ta kawo mini kuka, wai Instagram ta ƙi karɓar tallarta. Da na duba, ga abin da ta rubuta: "Kina fama da ƙuraje? Wannan mai yana warkar da kyasbi da makero cikin kwana uku." Na ce mata, ƙanwata, laifi biyu ne a layi ɗaya.

Na farko tambayar nan. Ƙa'idar tallan Meta ta hana a nuna mai karatu da yatsa a jingina masa wata lalura. Na biyu, wanda ya fi girma, kalmar "warkarwa". Da zarar kin ce abu yana warkar da cuta, kin fitar da shi daga kayan kwalliya kin mai da shi magani, kuma rajistar magani a NAFDAC daban take. Makero ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Man kaɗe yana tausasa fata, yana tsare mata danshi, amma ba ya kashe ƙwayar.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Mata sun waye. Duk wadda ta taɓa ganin yadda mai na kwana uku ya siranta fatar 'yar uwarta, jijiyoyi suka fito kore, nankarwa ta feso, to da ta ji "kwana uku" sai ta zargi an zuba sinadarin siteroyid a ɓoye. Kin ga kin shafa wa kayanki masu tsabta kashin kaji da bakinki.

Sai muka zauna muka sake rubutawa: "Man kaɗe da man kwakwa, giram 250, ba turare, ba sinadarin bilicin. Yana da kauri, yana narkewa a tafin hannu. Ya dace da busasshiyar fata da kaushin ƙafa lokacin hunturu. A shafa bayan wanka, jiki da sauran lema. A ajiye a inuwa, zafin bazara na narkar da shi. A fara gwadawa a bayan kunne, a jira kwana ɗaya."

Ku lura, ba alkawari ko ɗaya a ciki. Abin da ke cikin roba ne, da yadda yake a hannu, da yadda ake amfani da shi. Har ƙamshin kaɗen nan na asali, da ba kowa ke so ba, na sa ta ƙara ambatonsa a tallar daga baya, domin gara mai saye ta sani tun kafin ta biya.

In wata ta turo muku hoton fata mai ruwa ko mai yaɗuwa tana neman abin shafawa, don Allah ku ce mata ta je asibiti.

Wassalam,
'Yar uwarku a sana'a