Filasibo ba jabun magani ba ne

Kwanaki na karanta wata fassara da aka kira filasibo "maganin bogi", aka kuma nuna kamar likitoci yaudarar mutane suke yi da shi a wajen gwajin magani. Ni dai ban yarda da wannan fassarar ba, kuma ga dalilina.

Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta "zan faranta rai". A fagen gwaji kuwa, ana nufin ƙwaya ko allura da ta yi kama da maganin da ake gwadawa a launi da girma da ɗanɗano, amma babu sinadarin da ke warkarwa a cikinta. Jabun magani ana sayar maka da shi ne don a cuce ka. Filasibo kuwa tun kafin ka sa hannu a takardar amincewa ake gaya maka cewa kana iya samun sa. Abin da ake ɓoye maka kawai shi ne wanne ya faɗo a kanka. Da ni ne mai fassarar, "fankon magani" zan ce.

To me ya sa ake ɓoyewa? Mu duba gwajin allurar shan inna ta Jonas Salk da aka yi a Amurka a 1954, ƙarƙashin Thomas Francis na Jami'ar Michigan. A ɓangaren da aka yi amfani da filasibo, yara wajen 200,000 sun sami allurar gaske, wasu wajen 200,000 kuma fanko. Kwalaben iri ɗaya ne, lamba ce kawai a jikinsu. Yaro bai san abin da aka yi masa ba, iyayensa ba su sani ba, likitan da zai duba shi idan ya kwanta ciwo shi ma bai sani ba.

Wannan na ƙarshen ya fi ɗaukar hankalina. Shan inna ba kullum take zuwa da shanyewar ƙafa ƙarara ba. Wani lokaci zazzaɓi ne da ciwon wuya da ɗan raunin gaɓa, irin wanda sai likita ya auna da hankalinsa. A ce likita ya san an yi wa wannan yaro allurar gaske, zuciyarsa za ta karkata ya ce ai mura ce. Idan ya san fanko aka ba shi, sai ya ce shan inna ce. Ba ƙarya ya yi niyya ba, ɗan Adam ne mai fatan allurar ta yi aiki. Uwa ma haka: wadda ta san ɗanta bai sami kariya ba za ta hana shi cuɗanya da yara, ta ruga asibiti da ɗan zazzaɓi kaɗan. Daga nan rukunonin biyu sun bambanta ta wata hanyar da ba ta allura ba, lissafi ya lalace.

Da aka buɗe lambobin, aka sanar da sakamako ranar 12 ga Afrilu, 1955. Yara 33 ne suka shanye a rukunin allura, 115 a rukunin fanko. Tunda ba wanda ya san komai lokacin da ake ƙirga marasa lafiya, ba yadda za a ce son zuciya ne ya kawo tazarar.

Amma fa kar mu manta da yaran nan 115. Wasu daga cikinsu da sun tsira da allurar gaske aka yi musu. Abin da ya halatta hakan shi ne a lokacin babu wata rigakafin shan inna da aka tabbatar, kuma ba wanda ya san ko ta Salk tana aiki. Yau da ake da ita, hana yaro rigakafi don a ba shi fanko zalunci ne. A ƙa'ida, idan akwai maganin da aka tabbatar, da shi ake gwada sabon. Kuma ɓoyon ba na har abada ba ne: idan mutum ya shiga hatsari, ana buɗe lambarsa don likita ya san abin da ke jikinsa. Wani lokaci ma sirrin kan tonu da kansa, idan maganin gaske yana sa jiri ko bushewar baki, fankon kuma ba ya sawa. Shi ya sa wasu masu bincike kan tambayi mahalarta su yi hasashen abin da suka sha.

Na san abin da zai zo zuciyar mutumin Kano: gwajin Trovan na kamfanin Pfizer lokacin annobar sanƙarau a 1996. Can ba fanko aka ba yara ba, da wani maganin aka kwatanta. Ƙorafin iyaye shi ne ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Idan za ka saka gwajin magani a labarinka, rarrabe waɗannan biyun: mutumin da ya amince a ɓoye masa rukuninsa daban, wanda ba a taɓa neman amincewarsa ba daban.