Bizar karatu a Ingila: kewar gida ma tana iya cinye ta

'Yan uwa ɗalibai, musamman na MAU da AUN da Poli da FCE Yola. Tun da aka fara fitar da sakamako saƙonni ke shigo mini, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: ta yaya zan samu biza? Har yau ba wanda ya tambaye ni yadda ake riƙe ta bayan an samu. A ganina nan ne aikin yake. Zan yi magana a kan Ingila ne, don nan nake karatu kuma dokarta na sani.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne bizar ɗalibi tana rataye ne a wuyan jami'arka. Ita ta ba ka lambar CAS, ita ta tsaya maka a gaban Home Office, wato ma'aikatar cikin gida. Ranar da ta cire sunanka daga rajista, ko don bashin kuɗin makaranta ko don ba a ganinka a aji, doka ta tilasta mata ta kai rahoto cikin kwanakin aiki 10. Daga nan sai a yanke bizar, yawanci a bar maka kwana 60 ka samu wata makarantar da za ta tsaya maka ko ka tattara. Ranar da ke rubuce a kan bizarka ba ta da sauran amfani.

Wannan ya faru a idon kowa. A watan Mayun 2024 BBC ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough, waɗanda aka dakatar da karatunsu aka kai sunayensu Home Office saboda sun kasa biya a kan lokaci. Kimanin 60 ne suka ba da sunayensu, sun yi zanga-zanga a harabar makarantar, har hukumar NiDCOM ta Abike Dabiri-Erewa ta shiga tsakani. Ɗaliban sun ce an sauya musu tsarin biya daga kashi bakwai zuwa kashi uku. Waɗannan mutane fa ba 'yan damfara ba ne. Kowannensu ya nuna wa ofishin biza kuɗinsa zaune a banki na kwana 28 kafin a ba shi. A naira kuɗin yake, nairar ce ta narke.

Mu yi lissafi da misali. A ce kuɗin makarantarka fam 15,000 ne, ka biya 5,000 kafin ka tashi, saura 10,000. A farkon Yunin 2023, a farashin gwamnati na Fom A, fam ɗaya kusan naira 580 ne, bashinka ke nan naira miliyan 5.8. Baba ya sayar da fili a Jambutu ko shanu a Ngurore, an ajiye miliyan 7, kowa ya yi barci da munshari. A tsakiyar watan aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa Fabrairun 2024 fam ya kai wajen naira 1,900. Fam 10,000 ɗin nan ya koma miliyan 19, miliyan 7 ɗinku kuwa ba ta kai fam 3,700 ba. Ba ka ci kobo ba, ba ka faɗi jarrabawa ba, amma kana bakin ƙofar fita.

Na san amsar da ake bayarwa a majalisa: "Kai dai ka shiga, aiki zai biya." Wallahi ba zai biya ba. Mai digiri awa 20 aka yarje masa a mako lokacin karatu. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya kasance fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Awa 20 ke nan fam 244 a mako, wajen 1,058 a wata, in ma ka samu aikin da zai cika maka awannin. Ita kuwa gwamnatin, a Janairun 2025 ta ƙiyasta cewa ɗalibi a wajen Landan yana buƙatar fam 1,136 a wata don haya da abinci da mota. Ka ga aikin ko rayuwar bai gama ɗauka ba, balle kuɗin makaranta. Shi ya sa shawarata ga mai shirin tafiya ɗaya ce: abin da ka san na makaranta ne, ka tura wa makaranta tun kana Jimeta. In ba zai yiwu ka biya mafi yawansa ba, jinkirta tafiyar shekara guda ba abin kunya ba ne. Wani zai ce ina tawakkali? Tawakkali na nan, amma ai sai an ɗaure raƙumin.

Yanzu ga abin da ba a faɗa a waya, don kada Inna ta tashi hankalinta.

Yawancinmu a Satumba muke sauka, gari da ɗan haske, komai sabo. Ranar Lahadin ƙarshen Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan duhu ya fara cin rana. A Disamba, a arewacin Ingila, rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, kafin huɗu na yamma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk suna cunkushe cikin awa huɗu, ana tsakiyar lakca. Kai da ka tashi a garin da Magariba ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara, garin da a Afrilu zafi ke wuce digiri 40 muna tsine masa, sai ka wayi gari kana kewar zafin nan. Ba mai Keke da zai yi maka ba'a, ba mai ce maka "jam na?" a bakin titi, ba majalisar bayan Isha'i. Maƙwabcin ɗakinka sai ku yi wata ba ku haɗa ido ba.

Kewar ba ta zuwa da kuka. Da waya take zuwa. Kana kwance har biyun dare kana kallon bikin abokinka a Dougirei, kana bin gardamar siyasar Adamawa a gurup uku. Da safe gari baƙi ƙirin, ga ruwa, sai ka ce lakcar tara ai za su ɗora ta a intanet. Ranar Laraba ma haka. To a nan kewa ke haɗuwa da biza. Jami'a tana ƙirga zuwanka aji, wata da katin da kake dannawa a ƙofa, wata da lambar da malami ke bayarwa, kuma kallon lakca a ɗaki ba ya shiga lissafi. Sai imel na farko ya zo, mai laushi, ana tambayar ko lafiya. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi ba ya buɗe irin wannan imel, tsoronsa yake ji. Na biyu ya zo, na uku ya zo da ranar ganawa. Na ga wanda bai san an yanke bizarsa ba sai da wurin aikinsa suka duba suka ce ya dakata. Wasiƙar tana cikin akwatin imel ɗin da ya daina dubawa.

Don haka idan na ce ka yi wa kanka tsari, takardunka nake kare maka. Ga yadda waɗanda na ga sun zauna lafiya suke yi.

Sun maida waya da gida alƙawari mai lokaci. Lahadi da Laraba, misali, bayan Isha'in Yola. Ka tuna daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Najeriya na gaba da awa ɗaya, sauran watanni agogonmu ɗaya. Amfanin tsayayyen lokaci shi ne kana da abin jira, su ma a gida sun daina kiranka kana aji, sannan ka samu hujjar kife waya ƙarfe goma sha ɗaya. Kuma a wayar nan ka faɗa wa mutum ɗaya gaskiya, ko Yaya ko Kawu, musamman maganar kuɗi. Masu ɗora hoto a gaban jar bas suna cewa "Alhamdulillah komai normal" su ne gida ke aiko wa da jerin buƙatu.

Suna fita kullum kafin Azahar, ko ba lakca. Laburare akwai ɗumi kyauta, akwai mutane, kuma ka ga hasken rana ko na minti ashirin ne. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana ba da shawarar shan bitamin D maikrogiram 10 a kullum lokacin sanyi, ga masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara. Ka yi rajista da likitan unguwa a makonka na farko, ai ka riga ka biya fam 776 na lafiya a kowace shekara tare da biza. In nauyin zuciya ya wuce mako biyu, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ka je. Takardar likita ita ce kuma za ta sa makaranta ta rubuta rashin zuwanka a matsayin mai izini.

Juma'a ba wasa. A nan za ka tsinci Bahaushe ko Bafulatani, daga nan a kai ka gidan da ake tuƙa tuwo. Ka zo da kuka da busasshiyar kuɓewa, ka yi tukunya babba ranar Lahadi ka raba ta a firji. Kilishi da man shanu kuwa ka cinye su a Yola, doka ta hana shiga da nama da kayan madara daga Najeriya.

Sai minti goma na safiyar Litinin, wanda ni a wurina ya fi duk sauran. Ka buɗe imel ɗin makaranta da wanda ka nemi biza da shi, har da akwatin `spam`. Ka duba ranar biya ta gaba. Ka rubuta awannin aikin makon a takarda, domin makonsu daga Litinin ne zuwa Lahadi kuma ba a raba-daidai: awa 25 wannan mako da 15 mako mai zuwa karya doka ne, ko da wurin aiki biyu ne. Masu mastas su kula, watannin rubuta kundi galibi lokacin karatu ne, ba hutu ba, sai ka tambayi makarantarka a rubuce kafin ka ƙara awa. Aikin kai saƙon abinci da keke a matsayin mai zaman kansa ma haramun ne a wannan biza.

In ka hango ba za ka iya biyan kashi na gaba ba, ka rubuta wa ofishin kuɗi kafin ranar ta zo, ka nemi a rarraba maka, ka biya ko kaɗan ne, ka adana amsarsu. Ka je ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, kyauta ne kuma ba su ne masu kai rahoto ba. Haka in rasuwa aka yi a gida, Allah Ya kiyaye, ka nemi izini a rubuce kafin ka sayi tikiti, don dakatar da karatu fiye da kwana 60 yana sa makaranta ta janye tsayawar da ta yi maka. In kuma wasiƙar yankewa ta riga ta zo, ka karanta sabuwar ranar da aka rubuta a ciki ka yi aiki da ita. Wanda ya zarce ta da fiye da kwana 30 ana hana shi dawowa na aƙalla shekara guda, kuma tambayar ko ka taɓa zarce wa'adi tana jiransa a fom ɗin biza na gaba, har na wasu ƙasashen.