Amsar da Ba ta Taɓa Fitowa Daga Baki Ba, Ba Taka Ba Ce

’Yan’uwa malamai, duk sa’ad da lokacin ƙarin girma ya ƙarato, za ka ga takardun tsofaffin tambayoyi na yawo daga hannu zuwa hannu a ɗakin malamai. Kowa ya sunkuya yana karantawa yana gyaɗa kai, wai ya gane. Ra’ayina shi ne, wannan shiri ne na jarrabawar rubutu. Wanda zai zauna gaban kwamiti ya amsa da baki, idan ya tsaya a nan, yaudarar kansa yake yi.

Ba da ka nake faɗa ba, ya faru da ni. Karon farko da na shiga irin wannan ganawa, aka tambaye ni abin da Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta tanada. Amsar tana kaina: shekara tara na karatu kyauta kuma na wajibi, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Amma da na buɗe baki sai na faro daga tarihin zuwan boko. Ban kai ga shekara taran ba shugaban kwamiti ya ce ya isa. Ƙarin girman bai zo mini a wannan shekara ba, iyalina kuma suka ci gaba da maleji da tsohon albashi.

Da na koma shiri, sai na sauya hanya. Na rubuta kowace tambaya a ’yar takarda, na zuba su a gwangwani. Bayan sallar isha’i nakan zaro ɗaya ba tare da zaɓe ba, in saita agogon waya a kan sakan 90, in kunna naɗar murya, in amsa da ƙarfi cikin harshen da za a yi ganawar da shi. Ba na duba littafi sai agogo ya buga.

Ɗauki tambayar da ke yawan dawowa: mene ne bambancin manhaja, da tsarin aikin zango, da shirin darasi? Sakan 20 na farko na amsa ce kai tsaye: manhaja ita ce abin da hukuma ta tsara yaro ya koya a matakinsa, tsarin aikin zango shi ne rarraba ta mako-mako, shirin darasi kuwa shi ne abin da malami zai yi a darasi guda. Sakan 50 na tsakiya na misali ne daga ajinka. Manhaja ta ce a koyar da rabe-raben lamba. Tsarin zango ya ajiye rabi da kwata a wani mako. Shirin darasina ya ce zan yanka lemo gida huɗu, yara su nuna mini kwata uku. Sakan 20 na ƙarshe ka ɗaure zancen da jimla ɗaya, ka yi shiru. Yin shirun nan ma sai an koye shi.

A sauraron muryarka ne gaskiya ke fitowa. Idan agogo ya buga kana cikin gabatarwa, to kana kewaye-kewaye ne, sai ka dawo da amsar jimlar farko. Idan ka kammala a sakan 30, ma’ana kawai ka haddace, babu misali. Idan kuwa kana cijewa a wuri ɗaya kullum, wannan gurbi ne a saninka, shi kaɗai za ka koma littafi dominsa. Maimaita tambayar nan take, sa’an nan ka mayar da ita gwangwani ta sake fito maka wata rana. Tambaya biyar a dare ta wadatar.

Wasu abokan aiki sun ce mini wannan hadda ce irin ta aku. Da a ce rubuta amsa ake yi a haddace ta kalma bayan kalma, da sun yi gaskiya, domin da zarar an juya tambayar, mai hadda ya ɓace. Shi ya sa ba na rubuta fiye da kalma uku na tuni a bayan takarda, kuma kowace maimaitawa da sababbin kalmomi take zuwa. Wasu kuma sun ce ai kwamiti ba ya riƙe agogo. Haka ne, amma akwai layin malamai a waje suna jira, kuma haƙurin mai sauraro agogo ne da ba ka gani.

Hanyar tana da iyaka. Waya ba za ta katse ka ba, ba kuma za ta bi ka da tambaya ta biyu ba. Saboda haka ina kira ga reshenmu da ya ware yini ɗaya kafin ganawa, mu zauna uku-uku: ɗaya na tambaya yana katsewa, ɗaya na riƙe agogo, ɗaya na amsawa. A gida ma uwargida, ko maigida, ko ɗanka na sakandare na iya zaro maka takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da tsofaffin tambayoyi ya kawo su taronmu na gaba, ni zan zo da gwangwani.