Kuɗinka bai shiga aljihun mai gidan mai ba

1/ Ka sha man ₦5,000 a Wurno ko Goronyo, POS ta nuna DECLINED, amma alat ya shigo an cire. Ni dai a ganina, rigima da yaron famfo ɓata lokaci ne.

2/ Bankinka ya amince ya riƙe kuɗin, amsarsa ce ba ta iso na'urar ba saboda sabis. Gidan man bai ga ko sisi ba.

3/ A Birtaniya ma famfo kan riƙe kamar £100 tun kafin ka zuba, daga baya a cire na abin da ka sha kawai.

4/ Adana rasit ɗinka. Tun 2020 CBN ta ba bankuna awa 72 su mayar. In ya wuce, bankinka za ka nufa da rasit ɗin.