Wara ba awara ba ce: abin da fassarar jerin abinci a Ibadan ta koya mana



A watan da ya wuce wata dattijuwa Bayarabiya mai gidan abinci a kusa da Sabo ta aiko wa ƙungiyarmu da roƙo. Ta ce kusan rabin masu cin abinci a wurinta mutanenmu ne, direbobi da 'yan canji da 'yan kasuwa, kuma tana so jerin abincinta ya fito da Hausa a gefen Turanci. Mu uku aka wakilta. Mun ɗauka aikin yamma ɗaya ne, sai ga shi ya ci mana mako biyu, har da gardama a tsakaninmu. Muna so mu faɗi matsayin da muka tsaya a kai, domin mun san irin wannan roƙon yana zuwa wa 'yan uwa a Agege da Sagamu da Fatakwal.

Matsayinmu shi ne: kowane abinci a rubuta masa layi biyu, kuma kada a bar ɗaya ya shiga aikin ɗaya. Layin farko na jan hankali ne, mai fassara ya sake, ya zuba Hausa yadda mai karatu zai ji yawunsa ya tsinke. Layi na biyu na faɗin abin da ke cikin tukunya ne wanda jikin wasu ba ya karɓa, kuma a nan ba a gwaninta. Kalma ɗaya ga abu ɗaya, daga farkon takarda har ƙarshenta.

Abin da ya kai mu ga wannan matsayin, wata 'yar kalma ce. A jerin akwai wara soyayye. Ɗayanmu ya rubuta "awara" nan take, mu ma ba mu ga laifi ba, tunda sunayen sun yi kama, kuma idan an soya su aka ajiye a faranti kusan kamarsu ɗaya: fari a ciki, ja-ja a waje. Sai da muka shiga kicin muka tambaya. Mai abincin ta ce, "Alhaji, ai daga wurin Fulani nake saye, nonon saniya ne." Warar Yarbawa cuku ce, ana dafa madarar shanu a tsinke ta da ruwan tumfafiya. Awararmu kuwa waken suya ne aka jiƙa, aka markaɗa, aka tace, aka dafa, aka tsinke da ruwan tsami. Da mun bar abin da muka rubuta, uwar da ta san madara tana tayar wa ɗanta da ciwo za ta karanta "awara", hankalinta kwance, ta saya masa madara tsantsa. Kuma abin bai tsaya nan ba, domin akwai masu sayar da ta waken suya a nan Kudu suna kiranta wara ita ma. Sunan da ke kan takarda ba zai gaya maka wacce ce ba, sai mai girkin. Ga yadda muka rubuta daga ƙarshe:

Wara: cukun nonon shanu, an soya shi bayansa ya yi ƙus-ƙus, cikinsa laushi kamar auduga, da miyar tattasai a gefe.
Akwai: MADARAR SHANU. Ana soya shi a man da ake soya KIFI.

Wani zai ce mun cika tsanani, abincin buka ne ba asibiti ba. Wani dattijo a cikinmu ma haka ya ce, wai mutanenmu ba su san wannan ciwon ba, na Turawa ne. Ba mu yarda ba. Mun san shi, sai dai muna kiransa borin jini, ko mu ce abinci kaza "ba ya karɓar" wane. Matsalar ita ce wannan maganar ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Akwai wanda madara ke kumbura wa ciki ta sa shi zawo, wannan wahala ce ta wuni guda. Akwai kuma wanda cikin mintuna kaɗan da cin gyaɗa ko jatan lande leɓensa da harshensa za su kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, maƙogwaro ya matse, numfashi ya gagara. Wannan na biyun shi ne alaji mai tsanani, ɗan kaɗan ya ishe shi, kuma idan ya kai haka allurar adirenalin da gaggawar zuwa asibiti ce mafita, ba manja ko toka ba. Wata yarinya 'yar Birtaniya mai shekara 15 ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da aka gasa da riɗi a cikinsa, babu abin da ya nuna hakan a jikin ledar, kuma dalilinta aka kafa sabuwar doka a Birtaniya da ta fara aiki a 2021. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da jerin abubuwa 14 da dole gidan abinci ya iya faɗa wa mai saye idan suna cikin girki. A nan gida, abin da aka ƙunshe a leda ko gwangwani NAFDAC tana duba rubutun jikinsa, amma farantin amala babu wani rubutu a jikinsa. Abin da muka rubuta shi ne kaɗai abin da mai saye zai gani.

Da muka fahimci haka sai muka ajiye takardar Turancin, muka koma bin tukwane ɗaya bayan ɗaya. A nan ne muka ga yawan abin da ba a rubuta ba tun a asali. Jatan lande, wanda a kasuwa aka fi sani da kirefish, yana cikin efo riro, yana cikin miyar agushi, yana cikin ewedu, yana cikin alale. Mai girkin ba ta lissafa shi a matsayin abin da ta zuba, a wurinta kayan ɗanɗano ne kamar gishiri, an daka shi ya zama gari, ido ba ya ganinsa. Mun yi musu kan sunan da za mu ba shi. Ɗayanmu, malamin makaranta ne, ya dage sai "jatan lande" shi kaɗai, wai ita ce Hausa. Muka tare matasa biyar a bakin masallaci muka tambaye su, uku ba su san abin da ake nufi ba, amma duk biyar ɗin sun san kirefish. Sai muka rubuta duka biyun a jere, a kowane wuri. Kuma ba mu yarda a saka shi ƙarƙashin "kifi" ba, duk da ƙarshen sunansa na kasuwa. Dangin ƙaguwa ne, kuma akwai mai cin kifi lafiya lau amma wannan ya kwantar da shi.

Man gyaɗa ma ya ba mu aiki. Mu da Yarbawa duk mun saba kiran kowane farin mai da sunan gyaɗa. Da muka juya jarkar muka karanta, ashe na waken suya ne. Da mun kwafi abin da bakin mutane ke faɗi, mun tsorata mai gudun gyaɗa a banza, mun kuma ɓoye wa mai gudun waken suya abin da ya kamata ya sani. Gyaɗar gaskiya kuwa tana can inda babu wanda ya ambace ta: a yajin da ake barbaɗa wa gasasshiyar kaza, domin da ƙuliƙuli ake haɗa shi. Haka tuwon semo, da yawa cikinmu ba su taɓa tunanin alkama ba ce. Daddawa kuma sai an tambaya, ta kalwa ce ko ta waken suya, tunda duka biyun suna kasuwa.

Mai abincin ta ɗan ja da baya da ta ga layukan nan. Ta ce, "Alhaji, kada mutane su ɗauka abincina yana sa ciwo." Damuwarta tana kan hanya, kuma ita ce ta sa muka ƙi yarda da shawarar wani ɗan uwa da ya ce a rubuta "Gargaɗi" da jan alƙalami a gaban kowane abinci. Kalmar "Akwai" ta wadatar. Wanda abin bai shafa ba zai wuce ta, wanda ya shafa kuwa ita yake nema. Haka kuma muka ƙi jimlar nan ta wanke kai da ake sawa a ƙasan takarda, cewa kowane abinci zai iya ƙunsar komai. Ba ta gaya wa kowa komai ba. Inda cuɗanya take da gaske, kamar kaskon da ake soya kifi da wara da agada a mai ɗaya, mun faɗe ta a wurinta da sunanta.

Layin jan hankali kuwa a nan muka more. Mun bar sunayen Yarbanci yadda suke, domin da su ma'aikatan ke karɓar oda, kuma direban da ya shekara goma a Ibadan amala da gbegiri yake cewa. Sai mu biyo da bayani. Fassarar farko ta efo riro ta fito "miyar kayan lambu", wadda ko mai azumi ba za ta burge ba. Muka mai da ita "miyar alayyafo da manja, ta ji ganda da tumbi da bandar kifi, mai na taso mata". Ewedu ta zama "miyar lalo mai yauƙi". Gbegiri ta zama "miyar wake mai santsi". Inda Turancin ya jera kalmomin yabo marasa kan gado, mun watsar, muka nemo waɗanda Bahaushe ke yabon abinci da su: gardi, ƙamshi, romo, zafi-zafi daga wuta. Dodo ne kaɗai ya ba mu dariya. An bar shi, amma da "soyayyar agada nunanniya" manne da shi, kada yaro ya ga an ce za a kawo masa dodo a faranti. Ƙa'ida ɗaya muka riƙe ko a wannan layin: ba a ƙara abin da babu, ba a rage abin da yake akwai. Ɗayanmu ya so ya rubuta "mai ƙamshin man shanu" a kan shinkafar da ba ta ga man shanu ba, muka goge.

Tambayar naman alade da giya, wadda mutanenmu suka fi yi, mun ba ta wurinta daban a saman takarda, don kada ta cakuɗe da maganar lafiya.

Saura abu ɗaya da muke roƙon duk wanda zai yi irin wannan aikin ya kula da shi. Da aka kawo mana gwajin farko daga wurin mai buga takardu, duk haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, kwamfutarsa ta saka ɗan akwati a madadinsu. Gyaɗa, ƙwai da riɗi, ukun da suka fi buƙatar a karanta su daidai, su ne suka lalace. Mun mayar masa ya sauya zubin rubutu, muka sake dubawa layi-layi kafin a lulluɓe da roba. Mun kuma bar wa mai abincin kwafi ɗaya marar roba a kicin, da alkawarin cewa ranar da ta sauya mai, ko ta sauya mai kawo mata wara, za ta aiko a gyara. Makon jiya ta aiko: ta fara saka ƙwai a alalen ranar Juma'a.