"Kashi 5 kawai" ne yake cinye jarinmu a Kumasi

'Yan uwa masu tebur da shago a Kejetia da zangunanmu. Wai don Allah yaushe za mu daina sa hannu a takardar bashi ba mu yi lissafi ba? Halacci ko haramcin kuɗin ruwa, wannan na malamai ne. Ni lissafi zan yi.

A ce jami'in maikurofainans ya ba ka rancen sidi 5,000 na wata shida, ruwa "kashi 5 kawai" a wata. Abin da bai faɗa ba shi ne, a kan 5,000 ɗin farko ake lissafin ruwan har ƙarshe, ko da ka biya rabi. Sidi 250 sau shida, 1,500 ke nan. Sai su cire 150 kuɗin takarda, su riƙe 500 ajiyar dole sai ka gama biya. Abin da ya shigo hannunka 4,350, abin da za ka mayar 6,500, wato 250 duk mako har mako 26.

To, ka sari takalma da kuɗin. A ce sai wata biyu suke ƙarewa, ribarka kashi 20, sidi 870. A wannan mako takwas ɗin ka biya su 2,000. Sauran 1,130 daga ina suka fito? Daga uwar kuɗi. Sari na biyu da 3,220 za ka je, ba a ma cire abinci da haya da kuɗin da ake aikawa gida ba. Alamar ke nan: kana biya a kan lokaci, amma tebur yana ramewa.

Masu cewa ƙungiyar gama-kai tana da ɓata lokaci, gaskiya ne. Yawanci sai ka yi watanni kana ajiya, ka kawo masu tsaya maka. Amma da yawansu a kan abin da ya rage suke lissafi. Da kashi 3 a wata ta wannan hanya, ruwan 5,000 a wata shida 525 ne. Sauri ya haifi nawa!

Kafin ka karɓa, ka sa a rubuta maka abu uku: nawa zai shigo hannuna, nawa zan biya gaba ɗaya, nawa ne tarar latti. Ka kuma nemi ganin lasisinsu. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin kamfanonin maikurofainans 347, masu ajiya suka sha wahala.

Idan kayanka ba masu fita duk mako ba ne, kada ka ɗauki bashin biyan mako-mako. Gara ka shiga adashi, ko ka karɓi kaya a hannun dila ka sayar ka biya. Allah Ya rufa mana asiri.